San Hagu na Sodangin Gangara

Sodangi na Gangara mutum ne da ba ya iya wuce abu bai ƙirga shi ba. Daga ƙofar gidansa zuwa rijiyar gari taki ɗari uku da sha biyu ne, ya sani. Gonar da ubansa ya bar masa kunya ɗari da arba'in da shida take ci in an yi huɗa daga gabas zuwa yamma. Ko a masallaci, in liman ya yi jinkirin fitowa, za ka ga leɓensa na motsi, ka zaci tasbihi ne, alhali azarar rufi yake bi ɗaya bayan ɗaya. Mutanen gari sun yi masa dariya har sun gaji, daga baya kuma suka koma tambayarsa kwana nawa ke nan da yin shuka.

Bai gaji komai ba sai wannan gona da jaki guda. Rani bakwai ya yi ba ya gida. Uku ya yi su a Gusau yana ga-ruwa, huɗu kuma yana kora jaki tsakanin Sabon Birni da kasuwannin Nijar, ya tafi da atamfa da kananzir, ya dawo da wake da kanwa. A tsakanin nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci wata biyar, ya fito yana karanta boko da rubuta shi, a hankali dai, harshe a waje, amma ba ya tsallake harafi. Abin da ya tara a rani bakwai ɗin shi ya zuba a kan 'yan maruƙa biyu, farare, gudale, masu gajeren ƙaho, ya sayi garma da karkiya, ya koya musu huɗa da hannunsa. Ɗaya ya saba da dama, ɗaya ya saba da hagu. Damina biyu suka yi masa aiki, gonarsa da ta mutum goma sha ɗaya, har aka fara ce masa Sodangi mai shanu.

Sai aka shiga fari, na shekarar da aka canza kuɗi aka rufe iyaka. Ruwa ya sauka sau biyar ya ɗauke. Gonar da ke ba shi dami sittin ta ba shi tara, su ma rabi ƙaiƙayi. Hanyar Nijar da ya sani ta toshe. Baki bakwai ke ci a gidansa: shi, da matarsa Fatsuma, da tsohuwarsa, da ɗiya huɗu. Tun da sanyi Fatsuma ta mayar da awo tiya ɗaya a yini, fura da rana, tuwo da maraice, ba ƙari. Da bazara ta kama, abin da ya rage a rumbu bai kai na wata guda ba.

Sodangi ya zauna ya yi lissafinsa a ƙasa da tsinke. Buhun dawa tiya arba'in ne. Buhu uku tiya ɗari da ashirin, wato kwana ɗari da ashirin, kuma daga ranar da rumbu zai ƙare zuwa sabon gero, in Allah ya kawo ruwa, kwanakin ke nan daidai. Buhu biyu kuwa zai ajiye su a tsakiyar damina, da sauran kwana arba'in babu komai. Saboda haka sa ɗaya zai tafi a kan buhu uku, ba kuɗi ba, don kuɗi a lokacin kowane mako raguwa suke a gaban mai awo.

Ya kora shanun duka biyu zuwa kara, kasuwar dabbobi, a Sabon Birni. Karar cike take da dabbobi masu haƙarƙari a waje, masu sayarwa sun fi masu saye sau goma. A nan wani dattijo daga Turba ta ƙasar Isa, Malam Halliru, ya tsaya a kansu. Mutum ne mai fadama, kuma yana da dawar bara waccan a rumbu. Ya buɗe bakin san dama ya duba haƙora, ya shafa wuyansa, ya ɗaga kofato. Ya ce shi ma yana da shanun huɗa biyu, na damansa ne ke ciwo. In ya tashi shi ke nan, in bai tashi ba zai aiko. Suka tsaya a kan buhu uku, ba a dai sallama ba. Sodangi ya koro shanunsa gida.

Kwana tara bayan haka san dama ya durƙusa a bakin rijiya. Mutum shida suka sa sanduna a ƙarƙashinsa suka ɗaga, ya sake zubewa. Kafin la'asar aka sa masa wuƙa don kada ya tafi mushe. Naman ba kitse ko na shafa wa tukunya, abin da aka samu bai wuce na mako ɗaya ba. Ya rage na hagu, shi kaɗai a turke, da harawar da Sodangi ke warewa rabin dami a yini.

Motar Wada direba ita ke shigowa Gangara sau ɗaya a mako, ta kwashi awaki da fatu, ta koma Sabon Birni ta wuce Isa. Ranar da ta zo wa Sodangi da takarda, harawar kwana tara ce ta rage. Wada ya leƙo ta taga ya miƙo masa ita a naɗe.

"Daga wani dattijo na Turba. Ya ce in karɓo amsa yau. Ina gama lodi za ni tashi, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Layi uku ne. Gaisuwa, sannan: san nan da na gani a kara yana nan? Nawa ya mutu. In yana nan ka sanar da ni ta hannun Wada.

Sodangi ya karanta sau biyu a tsaye, ya dubi awakin da ake jira a loda. Ashirin da bakwai ne, an ɗora huɗu. Ya zabura sai gida.

Bai kai ƙofa ba ya ji takun mutum a bayansa. Labbo ne, dillalin dabbobi, ɗan kawunsa, wanda tun suna yara yake kiransa bawansa saboda wasan taubasantaka. Labbo ba ya karatu, amma yana jin warin ciniki daga nesa.

"Bawana, ina za ka da gudu kamar an ce ana rabon hatsi? Mi takarda ta ce?"

Sodangi ya gaya masa. Labbo ya tafa hannu a hankali.

"To mi ya rage? Rubuta mashi: shina nan. Kalma biyu. Ko fensirinka bai san ya yi aiki ba."

"Na dama yake so."

"Ya rubuta dama a takarda?"

"Bai rubuta ba. A kara ya faɗa, ina tsaye."

"Kara ta tashi tun yaushe. Ya ce sa, ga sa. Fari ne, wancan ma fari ne. Haƙora shida, wancan ma shida. Ni da nake kwana ina tashi cikin shanu sai na duba da kyau nake raba su. Wa ke ɗaura karkiya da bazara, ƙasa kamar dutse? Sai ruwa ya sauka za shi gane, lokacin nan dawarka ta zama tuwo, tuwon ya zama ɗiya masu ƙiba."

Abin da Labbo ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya dami Sodangi. San huɗa ba kamar jaki ba ne da za ka ɗora wa kaya ta ko'ina. Wanda ya saba da hagu ya san abokinsa na damansa, can yake jingina, can kantar wuyansa take, kuma in an kai ƙarshen kunya ya san ko shi ne mai tsayawa ko shi ne mai zagayowa. Ka mayar da shi dama ranar huɗa, sai ya riƙa turo ɗan'uwansa ko ya fizge waje, kunya ta fito kamar sawun maciji, wani lokaci karkiyar ma ta karye. Kuma kwanakin huɗa ƙirgaggu ne. Wanda ya rasa su ya rasa shekara.

Suka shiga gida. Fatsuma na tsakar gida tana tsince 'ya'yan gawo da ta kwaso don san. Sodangi ya zaro fensir daga cikin hula, ya juya bayan takardar Malam Halliru ya ɗora a kan murfin kwano, ya rubuta gaisuwa. Sai ya tsaya. Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo. An ɗora awaki goma sha ɗaya.

"Fatsuma, ki yi wa mijinki magana," in ji Labbo. "Buhu uku na ƙofar gida, shi kuwa shina neman ya kore su da fensir."

Fatsuma ba ta ɗago kai ba. "Kai Labbo, in dattijon ya gane da damina, ƙofar wa za shi zo? Taka?"

"Ni ina kasuwa lokacin."

"Na sani." Ta watsa tsakuwar da ta tsince. Sannan ta ce da mijinta, "Malam, wa ya koya wa wanga sa hagu? Da ita aka haife shi?"

"Ni na koya mashi."

"Kwana nawa?"

"Talatin da ɗaya, daga igiyar hanci har garma." Ya shiga lissafi, leɓensa na motsi. "Amma yanzu ya san karkiya, ya san murya, ya san garma. Gefe kawai za a sauya. In ya ƙoshi, aka haɗa shi da abokin da ba ya da faɗa, su ja gungume safe da maraice... ashirin."

"To ni ban san aikin shanu ba," in ji Fatsuma, ta ci gaba da tsintarta.

Sodangi ya durƙusa ya fitar da harshe. Abin da ya rubuta ke nan, kuma bai ƙara ko ɗigo a kai ba:

"Bayan gaisuwa. Sa yana nan, amma ɗaya ya rage. Na daman da ka duba ya faɗi, an yanka. Wanda ya rage na hagu ne. Fari, gudale, haƙora shida, damina biyu yana huɗa. Ya rame fiye da yadda ka gan shi, amma ba ya ciwo, yana ci. Buhu uku na dawa kamar yadda muka yi. Ana iya juya shi dama cikin kwana ashirin in ya samu abinci. Sodangi, Gangara."

Ya karanta musu a fili. Labbo ya kama haɓa.

"Na hagu ne, ya rame. Saura ka ƙara cewa shina da tari kuma shina harbi. Shekara ashirin ina dillanci ban taɓa ganin mai kaya ya yi wa kayansa irin wanga talla ba. Kawunka ya yi asarar bawa."

"Na so in sa mashi cewa harawata ta kwana tara ce."

"Ka sa?"

"Wuri ya ƙare."

"Allah ya yi wa takarda albarka, ta fi ka wayo."

Da ya isa tasha ana ɗaure akuya ta ƙarshe. Wada ya soke takardar a aljihun gaba, motar ta yi tari sau uku ta tashi.

Kwana bakwai ne kafin ta dawo, kuma Sodangi bai zauna a cikinsu ba. Da asuba yana gindin itatuwan gawo da tsohon buhu, yana rige-rige da masu awaki a kan 'ya'yan da suka faɗo. Ya sauke dannin bayan gida ya sassare karan ya jiƙa da ruwan kanwa. Ya mayar da rabin damin harawa sulusi, ya ga san ya fara lasar ƙasa, ya mayar da shi rabi. Sau biyar a yini yake zagayawa ya tsaya a bayan san, ya dubi ƙashin ƙugu, ya danna tozo da yatsa ya ji ko ya ƙara laushi. Yana cin tuwo ya tashi a tsakiya ya je ya ƙirga harawar da ya ƙirga da safe.

Rana ta uku mahaucin gari ya biyo, wai wucewa yake. Ya dubi san ta kan danga ya ce zai ba da abin da zai sayi buhu ɗaya. Rana ta biyar ya sake wucewa, ya ce yanzu tiya talatin. Labbo ne ke turo shi, Sodangi ya sani, kuma ya san ba don mugunta ba ne: in san ya durƙusa kamar ɗan'uwansa, ko goma ba za a samu ba. A ranar ce ya ɗauko fensir ya sake rubuta amsar tasa a jikin bango daga ka, ya tsaya yana dubanta yana neman kalmar da ta kori dattijon. Duk inda ya duba, a kan "hagu" idonsa ke sauka.

"Ka bar bangon nan haka," in ji tsohuwarsa daga ƙofar ɗaki. "Takarda ta tafi. Zauna ka sha fura, kana sa ni jiri."

Ya zauna, ya kurɓa sau biyu, ya tashi.

Ranar mota tun hantsi yana tasha. Ba ta iso ba sai bayan azahar, ta yi faci sau biyu a hanya. Wada ya sauko yana kakkaɓe riga, ya gaisa da mai shayi, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar mutum uku, Sodangi na biye da shi kamar inuwa.

"Af, kai ne. Ba takarda. Baki ya ba ni."

"Faɗi."

"Ya sa an karanta mashi sau biyu. Ya ce na hagu gare shi, mi za shi yi da hagu biyu. Har na juya za ni tafi, ya kira ni. Ya ce wa ya ce ana juya sa cikin kwana ashirin? Na ce mai san. Ya ce to mai san ya kawo shi, ya zo ya juya shi da kansa. Ranar da kuka iso, in ya ga san kamar yadda takarda ta faɗa, buhu biyu na hawa motata. Na ukun sai ranar da san ya ja kunya miƙaƙƙiya a dama. In bai ja ba, biyun ke nan. Abincinka da na san a kansa."

Sodangi ya tsaya yana lissafi a tsakiyar tasha. Tafiya da ramammen sa kwana huɗu. Harawa ta kwana biyu, da 'ya'yan gawo rabin buhu. Kwana ashirin a Turba, bakinsa ya fita daga tiyar Fatsuma. Labbo, da ya matso ya ji komai, ya ce, "Ka gani? Da kalma biyu ka rubuta, da yau kana kwance bisa buhu uku. Yanzu ka sayar da sa, ka ɗora kanka gyara."

Washegari da sassafe ya kama igiya. Ba ya tafiya sai da sanyin safiya da na la'asar. Rana na take tsakiya su laɓe a inuwa, shi da san, ya jiƙa masa gawo a ƙwarya. Sun bi ta Sabon Birni suka miƙa kudu. A hanya ya ƙirga mushen shanu goma sha tara, daga nan ya hana kansa ƙirgawa, abin da bai taɓa yi ba. Rana ta uku san ya tsaya cik a wani rafi da ya ƙafe, ƙafafunsa na rawa. Sodangi bai buge shi ba. Ya tona yashi da hannu har kusan tsawon kamu uku, ruwa ya tsattsafo, ya riƙa ɗiba da ƙwarya yana ba shi, ƙwarya goma sha huɗu, sannan ya zauna kusa da shi har ƙafafun suka daina rawa. Sun shiga Turba rana ta biyar, ba ta huɗu ba.

Malam Halliru ya fito da takardar a hannu, ya ba wani maƙwabcinsa ya riƙa karantowa layi layi, shi kuma yana dubawa. Fari. Gudale. Ya buɗe baki, shida. Ya shafa wuya ya ji kantar a gefen da ya kamata ta kasance ga na hagu. Ya zuba dusa a kwando, san ya sa kai bai ɗago ba.

"Ya rame fiye da yadda na gan shi," in ji dattijon. "Nan ma ba ka yi ƙarya ba, har ka rage. Sodangi, ka san mutum huɗu suka aiko mini amsa a kan shanu? Uku sun ce shina nan, shi ke nan, ba su ce komai ba. Ni kuwa na tsufa da sayen abin da ba a gaya mini ba."

"Baba, ni dai na ukun nake so."

"Na ukun na rumbu. Ba ya da ƙafa."

Da motar Wada ta biyo, buhu biyu suka hau zuwa Gangara.

Kwana shida na farko Sodangi bai ɗora wa san komai ba, duk da ƙafafunsa na ƙaiƙayin aiki. Dusa, harawa, ruwa, inuwa. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɗaure shi a turke ɗaya da san Malam Halliru, wani ja mai sanyin hali, kuma kullum a damansa, su ci tare su kwanta tare. Rana ta bakwai ya ɗora musu karkiya ba kaya. Taki goma suka yi, farin ya juya gindi waje ya fuskanci jan, suka tsaya ƙaho da ƙaho, karkiya a murɗe. Mutanen da suka taru a bakin fili suka yi dariya.

"Bagobirin Gangara, wanga rawa ce ko huɗa?" in ji wani.

"Gaisawa suke," in ji Sodangi, yana kwance igiya. "Ku ba ku gaisawa a Turba?"

Ya sake ɗaurawa. Ya riƙa tafiya a gefen farin da sanda a kwance a jikin cinyarsa, ba duka, tokarewa kawai, duk lokacin da ya so juyawa. Rana ta goma suka yi taki ɗari biyu a miƙe. Rana ta sha ɗaya aka ɗaura gungume, komai ya koma farko, don da farin ya ji nauyi sai ya nemi jingina inda ya saba, ya tarar ba kowa a can. Sabon gefen wuyan ya saluɓe. Sodangi ya shafa man shanu, ya naɗa tsumma a karkiya, ya ba shi hutun yini biyu, yana zagaye turken yana cizon yatsa don yini biyun na cikin ashirin ɗinsa. Azumi ya kama a cikin haka. Ya mayar da aikin bayan sallar asuba da gab da shan ruwa. Kowace la'asar kuma sai ya dubi gabas, don in hadari ya haɗu kafin ya gama, gonarsa na Gangara ba mai shuka ta sai mace da tsohuwa.

Rana ta ashirin Malam Halliru ya sa aka kwarara ruwan rijiya a wani yanki na fadama har ƙasa ta yi laushi, aka ɗaura garma. Kunya ta farko ta fito sambal. Ta biyu ma haka. A ƙarshen ta uku, wurin juyawa, farin ya tsaya inda ya kamata ya zagayo, jan ma ya tsaya, garma ta kife.

Dattijon ya zaro takardar daga aljihu, ta yi laushi don naɗewa. "A nan an ce ashirin."

"An ce in ya samu abinci, Baba. Kwana shida ya yi yana cin bashin yunwa."

"Yanzu kuma dusata ce mai laifi?"

"Ba ni kwana uku."

"Ka ɗauka. Ni ba ni da gonar da ke jirana a Gangara."

A kwana ukun nan Sodangi bai koya wa san komai ba sai juyawa. Taki goma, a juya. Taki goma, a juya. Sau sittin da safe, sau arba'in da maraice, da azumi a bakinsa, har muryarsa ta dushe, har 'yan kallo suka gaji suka daina zuwa. Rana ta ashirin da uku aka sake jiƙa ƙasa. Wannan karon ya ce Malam Halliru ya riƙe garmar da kansa, shi ya koma gefe ya sa hannuwa a baya don kada su yi abin da ba a sa su ba. Kunya goma sha biyu dattijon ya ja, juyi goma sha ɗaya, ba wadda ta karkace. Ya tsayar da shanun, ya share gumi da hula, ya dubi bayansa.

"Na saya," ya ce.

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

Sodangi ya je ya kwance igiyar hancin da ya zo da ita, don igiya ba ta cikin ciniki, ya ɗaura wa san ta Malam Halliru. San bai ko dube shi ba, yana neman kwandon dusa.

Ya dawo Gangara a bayan motar Wada, zaune a kan buhu na ukun, tsakanin buhunan gishiri. Fatsuma ta auna shi a gabansa, tiya talatin da takwas ya ba da, don tsohuwar dawa ce, ƙwari sun taɓa ta. Labbo ya zo ya ce la'adarsa fa, tunda da shawararsa aka yi cinikin, ko da ba a bi ta ba. Aka ba shi fura.

Ruwan shuka ya sauka kwana goma sha tara bayan dawowarsa. Da hauya ya yi noman shekarar, shi da Fatsuma, kunya ɗari da arba'in da shida, yana jin bayansa kamar zai rabe. Dawar ta kai su har gero ya yi kai ya fara nuna, ta ƙare saura kwana huɗu a fara yanka, don ruwan ya yi jinkiri fiye da lissafinsa. Kwana huɗun nan tumu suka gasa suka ci da tafasa, su bakwai, ba wanda ya kwanta ciwo.

Sai da ya yi shekara shida kafin ya sake mallakar shanun huɗa. A tsakani, duk bazara ana aiko masa daga Tsamaye da Turba da ƙauyukan Isa ya je ya koya wa maruƙa karkiya, ko ya juya san da abokinsa ya mutu, kuma da wannan ya riƙe gida har ɗiyansa suka kawo ƙarfi. Ya juya shanu talatin da huɗu a rayuwarsa. Biyu sun ƙi, ya faɗa wa masu su tun rana ta goma su sayar da su ga mahauta.